Baƙi ranar Juma'a: Kusugu da safe, salla a Ƙofar Soro

Maigida barka da dare, jibi Juma'a zan ɗauki baƙi mutum shida daga Kaduna, a Katsina za su kwana, suna son su ga Kusugu da Gobarau da gidan tarihi duk a ranar kuma ba su yarda Juma'a ta wuce su ba. Ya zan yi?

Yauwa ɗana. Fara da sanin masallacin da za ku yi Juma'a da ƙarfe nawa suke tayarwa, sauran wuraren sai ka jera su gaba da baya. Kuma ka tambaya da bakinka gobe Alhamis kar ka yi ƙiyasi, don masallatan garin nan ba lokaci ɗaya suke yi ba, wasu ɗaya da 'yan mintoci sun sallame wasu sai wajen biyu. Ni dai babban masallacin Ƙofar Soro nake kai baƙi, ga fada nan Gidan Korau a gefe, hasumiyar Gobarau ma ba nisa, kenan sallar ba ta fitar da ku daga hanyar yawon ba.

Daura ita ce mai nisa, wajen kilomita 80 ne, to ita za ka fara cirewa da sanyin safiya. Ku yi asuba a masauki, a karya, 6:30 kuna kan hanyar Mashi, kafin takwas kun shiga Daura in babu tsaye-tsaye. Rijiyar Kusugu minti arba'in ya isa har da ɗiban ruwa da hotuna, kuma ka tuna masu cewa a labarin Bayajidda ai ranar Juma'a kaɗai macijiyar ke bari a ɗebi ruwa, baƙi suna jin daɗin wannan sosai in ranar ta dace. Daga nan ku leƙa ƙofar fada. Goma daidai a tashi, ko da wani na cewa bari ya ƙara hoto ɗaya, a nan ne ake asarar ranar wallahi.

Kuna shigowa Katsina wajen 11:30 kar ka ce a je a huta, ku wuce tsohuwar Kwalejin Katsina inda gidan tarihin yake. Dalili kuwa wurin ma'aikata ne mai ƙofa da makulli, kuma bayan Juma'a ba kowa ke dawowa bakin aiki ba, amma hasumiya da ƙofofin gari suna nan tsaye har yamma. Duk abin da ake rufewa ka sa shi kafin salla.

Sai maganar mota wadda ni ta taɓa ƙona ni. Ina sabon shiga na kai baƙi har gindin masallaci ina ganin na yi gwaninta, kafin ka ce me sahu ya fito titi, motoci da mashina suka rufe mu ta ko'ina, an sallame tun tuni amma sai da muka yi kusan awa muna zufa a cikin mota. Tun ranar nake ajiye ta can nesa, tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa, hancinta na kallon hanyar fita. Alwala kuma a yi ta tun a inda aka ci abinci, ka riƙe jarka da buta biyu da tabarma a but, da leda kowa ya sa takalminsa, kuma ku isa minti arba'in kafin salla in kuna son inuwa. In da mata ko wanda ba musulmi ba, ka tambaye su tun da safe, mai son zama ka ajiye shi wajen cin abinci ka faɗa masa ƙarfe nawa za ka dawo.

Bayan an sallame kar ku ruga mota, ku bari cunkoso ya sauka kuna kallon fada, sannan Gobarau. La'asar tana shiga tsakanin uku da rabi zuwa huɗu gwargwadon wata, minti sha biyar ne a kowane masallacin unguwa, in wani ya kawo maganar kasaru bar shi da abin da malaminsa ya koya masa, kai direba ne. Abin da za ka sa wa ido magariba ce, a watan Nuwamba shida ta yi rana ta faɗi, a Yuli sai kusan bakwai, to ka duba wayarka gobe ka bar Ƙofar Ƙaura da sauran ƙofofi su zama na ƙarshe, in lokaci ya ƙure ko daga cikin mota ana ganinsu. Ka sha mai tun gobe da yamma.