Haƙuri, dangana da sa rai: wace waƙa ta dace da mai jiran biza?

Tambaya daga wani mai karatu a Jidda: "Malam, ƙanena yana Kano yana jiran bizar aiki, an yi watanni ba labari. Na tura masa wata waƙar haƙuri don in kwantar masa da hankali, sai ya ce mini ai waƙar ta'aziyya na aiko masa, domin amshinta cewa yake a dangana. Shin haƙuri da dangana ba abu ɗaya ba ne? Wace irin waƙa ya kamata in tura masa?"

Alhaji, ƙanenka ya ji Hausa daidai, kuma kunnensa bai yaudare shi ba. Kalmomin biyu maƙwabta ne, amma kowacce da lokacin da ake faɗinta.

Dangana a asalinta jingina ce, kamar yadda ake dangana tsani da bango. Daga nan ta ɗauki ma'anar jingina al'amari ga Allah bayan ya riga ya auku, ba kuma sauran abin da ɗan Adam zai iya yi a kansa. Shi ya sa a zaman makoki ake cewa "Allah ya ba da dangana", shi ya sa kuma ake cewa yaro ba shi da dangana idan uwarsa ta fita ya ƙi daina kuka, wato ya ƙi yarda cewa ta riga ta tafi. Dangana tana zuwa ne bayan an yanke hukunci. Mutumin da fasfonsa ke hannun wakili, yana duba waya safe da yamma, ba a yanke masa hukunci ba tukuna, don haka idan mawaƙi ya yi ta nanata masa cewa ya dangana, abin da zuciyarsa za ta ji shi ne an ce masa ya fitar da rai.

Haƙuri ya fi faɗi, kuma a nan ne nake so a yi hattara, domin shi ma yana da fuska biyu. Idan aka ce "yana haƙuri da jiran", ana nufin yana jurewa, bai fasa ba. Idan kuwa aka ce "ya haƙura da tafiyar", an gama magana, ya janye. Tushen kalmar ɗaya ne, ginin jimla ne ya raba su. Haka nan duk wanda ya taɓa neman aiki ya san cewa idan ma'aikaci ya dube shi ya ce "sai dai ka yi haƙuri", hana shi aka yi cikin ladabi. Saboda haka jin kalmar haƙuri a cikin waƙa bai isa ya sa a ce ta dace da mai jira ba, sai an saurari abin da ke biye da ita.

Hanya mafi sauƙi ta auna waƙa ita ce a saurari amshinta, domin baitoci suna wucewa sau ɗaya, amshi kuwa shi ne yake komowa har ya zauna a ka, shi ne kuma mutum zai riƙa rerawa shi kaɗai da dare. A duba lokacin da aikatau ɗin amshin yake nunawa. Idan yana magana a kan abin da ya shige, irin su "ya riga ya faru" ko "haka aka ƙaddaro", waƙar ta mai rashi ce. Idan yana kallon gaba, da "zai" ko "za a" ko "yana nan tafe", ta mai jira ce. Karin maganar da mawaƙa suka fi ɗauka ma haka suka rabu. "Komai nisan dare gari zai waye" tana kallon gaba. "In da rai da rabo" ta bar ƙofa a buɗe. "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi" ta fi dacewa da wanda yake takarar gurbin aiki da mutane masu yawa, yana jin kamar wasu sun fi shi hanya. A ganina wadda ta fi su duka dacewa da ƙanenka ita ce "Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa", domin mai dafa dutse ba a zaune yake ba, yana iza wuta, yana ƙara ruwa, kuma romon yake jira. Akwai aiki a cikin haƙurin da wannan karin magana take yabo.

Masu waƙoƙin wa'azi sukan haɗa da "bayan wuya sai daɗi", suna jingina ta da ayoyi na 5 da na 6 na Suratul Sharhi. Ku da kuke zaune cikin Larabawa za ku lura cewa ayar cewa ta yi sauƙi yana tare da tsanani, karin maganarmu kuwa ta ajiye daɗin a bayan wuya. Dukansu suna ƙarfafa zuciya, sai dai ga wanda bai san ranar da wuyarsa za ta ƙare ba, lafazin ayar ya fi kusa da halin da yake ciki.

Sauran kalmomin da za ka ji su ne fata, sa rai da tsammani. Fata buri ne da addu'a, ana iya yinta ko babu wata alama. Sa rai yana bukatar dalili, wato an miƙa takardu, an yi gwajin lafiya, an ga kwangila a rubuce. Tsammani yana iya kasancewa da dalili ko babu, shi ya sa Bahaushe ya yi masa kashedi da "Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka". Akwai kuma "jiran gawon shanu", wanda aka ɗauko daga shanun da ke tsayawa a gindin gawo da rani suna jiran 'ya'yansa su faɗo, alhali ba su da ikon girgiza bishiyar. Waɗannan biyu ba a saka su a waƙar lallashi, amma ya kamata kai babban wa ka riƙe su a zuciya, domin na damu ƙwarai da yadda waƙa mai daɗi takan sa yaro ya shekara yana jiran abin da tun farko babu shi.

Ga yadda za a bambance. Bizar aiki ta Saudiyya daga wajen kafili take farawa, wato wanda zai ɗauki mutum aiki a can, shi ne yake fitar da ita da sunan sana'ar da yake nema, kuma tana da lamba. Ƙanenka ya nemi wakilin ya nuna masa wannan lambar da kwafin kwangilar, kai kuma da kake Jidda ka tuntuɓi kafilin ka ji daga bakinsa. Ya kuma duba kada kwanakin fasfonsa ko na takardar gwajin lafiya su ƙare yana zaune, don jinkiri yakan cinye su a sake sabon lale. Idan an ga waɗannan abubuwa, sa rai yake yi, waƙar gari zai waye ta dace da shi. Idan kuwa wakilin ba ya nuna komai sai "gobe in sha Allahu" da neman ƙarin kuɗi, to ya karɓo fasfonsa tukuna, zancen waƙa ya biyo baya.

Kafin ka sake tura masa wata, ka saurare ta har ƙarshe, domin wasu waƙoƙin sukan fara da lallashi su ƙare da tunatarwar mutuwa. Ka kuma haɗa da saƙon murya daga bakinka, ka ce masa "Allah ya sa jinkirin alheri ne", wadda ita ce addu'ar da Hausa ta tanada musamman domin wanda abinsa ya makara amma bai kuɓuce ba.