Hita mai nan-take ko mai tanki a ƙaramin banɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sanyi ya kusa, ina so in sa hita a banɗakina a nan Kano. Banɗakin ƙarami ne, shaya da masai kusan a manne suke. Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu, mitarmu ta kati ce. Wacce ta fi sauƙin shan wuta da rashin haɗari, mai ɗuma ruwa nan take ko mai tanki?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Aikin wayarin ne sana'ata, kuma duka biyun na yi amfani da su a gidana. Ni dai mai tanki ƙarama zan ce ka saya, lita 30, sai fa idan layinku na da wuta mai ƙarfi wadda ba ta yawan ɗaukewa da asuba. Bari in faɗa maka dalili, don kada ka ɗauki maganata a makance.

Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne, ruwa bai san wace hita ke ɗuma shi ba. Bokiti mai lita 20, idan ruwan tankin sama ya kwana a hunturu ya sauko digiri 18, kana so ya kai digiri 40 na wanka, wajen rabin yunit zai ci. Ko da wace hita ce, rabin yunit ɗin nan bai canzawa. Bambancin yana wajen yadda kowacce ke jan wutar. Mai nan-take tana zuƙar wuta mai yawa cikin 'yan mintuna, mai tanki kuwa tana sha a hankali kamar mai kurɓar kunu da zafi.

Ga lissafin gidanka. Mai nan-take mai kilowat 3.5, idan mutum ya yi minti goma a ƙarƙashin shaya, ta ci yunit 0.6 ko ƙasa kaɗan. Ku huɗu, yunit biyu da 'yan kai ke nan a rana. Mai tanki lita 30 mai kilowat 1.5 tana ɗaukar kamar awa guda ta kai ruwa daga digiri 18 zuwa 60, ta ci yunit ɗaya da rabi. Wannan ruwan ba a wanka da shi haka, sai an sirka, kuma in an sirka yakan ba da kusan bokiti uku. Ku huɗu sai ta ƙara ɗan zagaye, a tashi a yunit biyu. Ka ga kusan kunnen doki ne. Idan kana rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, inda tun 2024 yunit ya haura naira 200, kowacce za ta ci maka tsakanin naira 400 da 500 a rana. A sauran rukunai bai kai rabin haka ba.

Inda mai tanki ke cin amanar kati shi ne a bar ta kunne dare da rana. Ruwan yana hucewa ta jikin tankin, ita kuma tana tashi tana maido da zafin, ko ba wanda ya buɗe famfo. A ƙaramin tanki wannan ɓarnar takan kai rabin yunit ko fiye a kwana ɗaya, wato yunit goma sha biyar a wata da ba wanda ya yi wanka da shi. Maganinsa kuwa kyauta ne: a kunna awa guda kafin wanka, a kashe. Ita kuma mai nan-take, ɓarnarta tana jikin mai wankan. Tunda ruwan zafi bai ƙarewa, yaro sai ya yi minti ashirin yana wasa.

To me ya sa na cire tawa mai nan-take? Shekara biyu na yi da ita. Da zafi da damina ba ta da laifi, don ruwan da ke shigowa da ɗuminsa. Da hunturu ya kama sai asirinta ya tonu. Kilowat 3.5 ba ya iya ɗaga ruwa daga digiri 18 zuwa 40 sai in abin da ke wucewa bai fi lita biyu da ɗan ɗoriya a minti ba. Ka buɗe famfo sosai ruwa ya zo da sanyi, ka rage ya koma tsiyaya kamar ta bakin buta. Wannan ma in wuta ta cika ne. A unguwarmu da asuba, lokacin da kowa ya jona abin ɗuma ruwa, na sha sa mita in ga wutar ta sauko bolt 180 maimakon 230. Ƙarfin hita kuwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: a 180, mai kilowat 3.5 ba ta ba da abin da ya wuce 2.1. Ina tuna wata safiya na riƙe ƙaramin ɗana da sabulu a kai, fitilar hitar tana ja, ruwan kuwa ko ɗumi-ɗumi bai kai ba, yaro yana karkarwa haƙora na haɗuwa. Daga ƙarshe a kan gas uwarsa ta dafa ruwan.

Mai tanki ba ruwanta da wannan. In wuta ba ƙarfi, ta ƙara lokaci ne kawai. In an kawo wuta ƙarfe biyun dare aka ɗauke ƙarfe huɗu, da asuba ruwanka na nan da zafi. Janareto mai matsakaicin ƙarfi yana iya ɗaukar kilowat 1.5 in an kashe sauran manyan kaya, amma mai nan-take sai babban inji. Akwai kuma maganar ƙarfin ruwa. Mai nan-take ba ta tashi sai ruwa ya tura ta da ƙarfi, kuma in tankin samanka mita biyu ko uku kawai ya ɗara kan shaya, da yawa cikinsu sai su riƙa kamawa suna saki. In dole ita kake so, nemi mai ƙaramin famfon turi a ciki.

Yanzu maganar rai, wadda ta fi ta kati nauyi. Mutum tsirara, jiƙe, ƙafa a kan tayil mai ruwa, wutar da a falo za ta ɗan fizge shi a nan tana iya tsayar masa da zuciya. A banɗaki irin naka babu wajen da ruwan shaya ba ya fantsama, kuma mai nan-take a daidai nan ake kafa ta, tana jan wuta mafi yawa a daidai lokacin da kake ƙarƙashinta. Mai tanki tana ba ka abin da waccan ba za ta taɓa ba ka ba: ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka shiga. Kana kuma iya kafa ta a bayan bango ko a lungun waje mai rufi, bututu kawai ya shigo.

Akwai wata iri da nake roƙonka kada ka kai gidanka, mai kama da kan shaya ta roba wadda ake ɗaurawa a bakin bututu, wayoyi biyu ko uku sun fito ta sama. A cikin irin waɗannan, wayar da ke zafi tsirara take a cikin ruwan da ke zubo maka, kuma amincinta gaba ɗaya ya rataya ne a kan wayar ƙasa mai kyau, wato wayar da ke kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa. Gidajenmu nawa ne ke da ita? An taɓa kirana wani gida, matar gidan ta ce famfo yana ɗan tsikararta in ta taɓa, har ta saba naɗe hannu da tawul. Na hau na duba, wayoyin an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, taku ɗaya daga ruwa, koriyar wayar ƙasa kuwa tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Ranar ban bar gidan ba sai da na cire ta. Tsikara ko kaɗan ce, a famfo ko a ruwa, ma'anarta wuta na yoyo. A kashe daga allon wuta, kada kowa ya sake shiga.

Ko wacce ka ɗauka, kada a jona ta a soket. A ja mata layinta daga allon wuta da birekarta ita kaɗai. Mai tanki ta kilowat 1.5 amfiya bakwai ma ba ta cika ja ba, waya mai milimita 2.5 ta ishe ta. Mai nan-take ta 3.5 tana jan amfiya 15, ta riga ta wuce soket mai 13. Ta 5.5 tana jan 24, sai waya mai milimita 4 aƙalla, kuma jan ƙarfe na gaske, don kasuwa cike take da wayar da rubutun jikinta ya fi cikinta kauri. Alamar waya ta yi kaɗan ita ce makunni ya yi ɗumi ko ka ji ƙaurin roba. Makunnin ya zama mai yanke waya biyu, a bangon waje kusa da ƙofa.

Sai abin da mutane suka fi yi wa rowa: na'urar yanke wuta in ta yi yoyo, wadda za ka ga an rubuta RCD ko RCCB da 30mA a jikinta. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, ba ta san wuta na bi ta jikin mutum ba. Ita wannan tana ji, ta yanke cikin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓallin gwaji, ka riƙa dannawa duk wata, in ba ta faɗi ba ta mutu. Ka sa a auna maka sandar ƙasa ma, wato ƙarfen da ake binnewa a haɗa wayar ƙasa da shi, da rani za a auna, don busasshiyar ƙasar Kano tana rage mata aiki a daidai lokacin da ake amfani da hita.

Mai tanki ma tana da nata sharrin. A bututun shigar ruwan sanyi akwai ɗan bawul mai fitar da matsi. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, shi ya sa za ka ga bawul ɗin yana ɗiga lokacin ɗumawa, kuma aikinsa ke nan. Na sha ganin masu aikin famfo sun toshe shi wai yana yoyo. Ranar da abin daidaita zafi ya maƙale, tankin ba shi da mafita, yana iya fashewa. A sa masa siririn tiyo ya sauka ƙasa kawai. Kada a kunna ta sai an buɗe famfon zafi an ga ruwa na zuba ba iska, in ba haka ba ƙarfen ɗumawar ya ƙone a busasshen tanki, kuma wannan yakan faru duk ranar da tankin sama ya ƙare. Cike da ruwa tana haura kilo 40, don haka ƙusa a bulo mai rami ba za ta riƙe ta ba, sai dogayen noti masu kama bango.

Zafin kuma ka bar shi a digiri 60. Ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta suna iya hayayyafa a ruwan da ya kwanta, sama da haka farin ƙasa-ƙasan ruwan burtsatse yana saurin taruwa a ƙarfen. Amma digiri 60 yana sale fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan. A gidana doka ce, ruwan sanyi ake fara zubawa a bokiti sannan na zafi, babba ya tsoma gwiwar hannu kafin yaro ya matso. Da yara biyu a gida, ka sa famfon zafin sama inda hannunsu bai kai ba, ka faɗa wa maiɗakinka ita ma tun ranar da aka kafa.