Kwamfutar sikeli da injin tsince shinkafa ba sa karɓar riga-kafin bairos: ta yaya zan kare su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Kwamfutar sikelin awon tireloli da ta injin tsince shinkafa duk Windows 7 ne a kansu, kuma waɗanda suka kafa mana su sun ce kada mu sa masu riga-kafin bairos ko mu sabunta su. Rauta ɗaya suke kai da ofis da Wayifai na ma'aikata, ga POS guda biyu. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi jayayya da waɗanda suka kafa injin, domin galibi suna da hujja. Manhajar da ke sarrafa inji da wani Windows takamaimai aka gwada ta, kuma riga-kafin bairos na iya riƙe wani fayil ko ya jinkirta saƙo har injin ya tsaya ana tsakiyar aiki. Sai dai Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, saboda haka duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. Tunda ba za ka iya ƙarfafa na'urar daga ciki ba, abin da ya rage shi ne ka rage waɗanda ke iya isa gare ta.

A yadda kuke yanzu, idan akawu ya buɗe wata takardar bogi da aka turo masa ta imel, bairos ɗin ba a kwamfutarsa zai tsaya ba. Zai lalubi sauran na'urorin da ke layi ɗaya da shi, ya gwada ƙofofinsu, wato mashigai masu lamba da saƙo ke bi ya shiga na'ura. Bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017 haka ya yaɗu, ta ƙofa mai lamba 445 da Windows ke musayar fayiloli da ita, ba tare da kowa ya danna komai ba. A Agustan 2018 wani nau'insa ya tsayar da masana'antun TSMC, kamfanin ƙera cip na kwamfuta, a Taiwan, bayan an jona wani sabon inji ba a bincike shi ba, ya bi kwamfutocin Windows 7 da ba a sabunta ba. Akwatin da ke ba moto da bel umarni, wanda injiniyoyi ke kira PLC, shi ma nasa raunin ya fi haka. Da yawansu da Modbus suke magana, tsarin da aka fito da shi a 1979, wanda ba ya tambayar kalmar sirri: duk wanda saƙonsa ya isa ƙofa ta 502, za a bi umarninsa.

Kafin ka sayi komai, ɗauki takarda da biro ka rubuta abin da lallai sai ya wuce tsakanin injina da ofis. Ka tambayi akawu da mai sikeli, sannan ka buɗe Command Prompt a kwamfutar sikelin lokacin da ake cikin aiki ka buga `netstat -an`, za ka ga adireshi da ƙofar duk wanda take magana da shi. A irin kamfaninku jerin ba ya da tsawo. Mu ɗauka abin da ka samu shi ne kwamfutar sikeli tana aika nauyin kowace tirela zuwa rumbun bayanan SQL Server da ke ofis, ta ƙofa ta 1433, kuma mai gyara yakan shigo daga nesa idan inji ya ba da matsala. Injin tsince shinkafa kuwa ba ya bukatar intanet ko ofis don ya yi aikinsa.

Sai rabon layi gida uku: injina, ofis, da POS. A nan akwai shawarar da za ta rage maka ciwon kai: ofis za ka tayar, injina su zauna inda suke. Adireshin PLC da na allon sarrafa inji yawanci a cikin shirinsu aka rubuta shi, canza shi sai an kira wanda ya kafa. Kwamfutocin ofis da wayoyi kuwa rauta ce ke raba masu adireshi, ba ruwansu da wanda aka ba su. Don haka idan kowa yana kan 192.168.1.0/24 yanzu, ka bar wa injina wannan, ofis ya koma 192.168.10.0/24, POS kuma 192.168.30.0/24. Firinta da rumbun bayanai ne kaɗai za a bi a gyara wa adireshi da hannu, sannan a sanar da manhajar sikeli sabon adireshin rumbun.

Ƙaramar rautar da kamfanin intanet ke bayarwa galibi ba ta iya wannan. Kana bukatar wadda ake rubuta wa dokoki, kamar MikroTik hEX mai ramin kebul biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce kowane gida ya samu raminsa a rauta da suwic ɗinsa dabam. Idan kebul ɗaya ne ya ratsa zuwa ɗakin injina kuma dole a yi tarayya a kansa, sai a yi amfani da suwic mai VLAN, wanda ke sa wa kowane saƙo lambar gidansa. A tuna kebul ɗin tagulla ba ya wuce mita 100. Idan sikelin yana can bakin get, a ja faiba, wadda kuma ba ta ɗauko tsawar damina ta kawo cikin ofis.

Inda masu haɗa layi da yawa ke tsayawa ke nan, su karɓi kuɗinsu su tafi, alhali ba a raba komai ba. Aikin rauta shi ne sada layi da layi, don haka ko ka yi gida uku, za ta ci gaba da kai saƙon ofis wurin injina har sai an rubuta mata dokar hani. A MikroTik, idan kwamfutar sikeli ce 192.168.1.5, rumbun ofis kuma 192.168.10.8, dokokin za su yi kama da haka:

```
/ip firewall filter
add chain=forward action=accept connection-state=established,related
add chain=forward action=accept protocol=tcp src-address=192.168.1.5 dst-address=192.168.10.8 dst-port=1433
add chain=forward action=drop src-address=192.168.1.0/24 log=yes
add chain=forward action=drop dst-address=192.168.1.0/24 log=yes
```

Ta farko tana barin amsar maganar da aka riga aka yarda da ita ta dawo. Ta biyu ita ce ƙofa ɗaya tak da aka buɗe, kuma ka lura sikeli ne ke fara magana, ba ofis ba. Ta uku ta hana injina fita ko'ina, har intanet, ta huɗu kuma ta hana kowa shigowa wurinsu. Rauta daga sama take karanta dokoki, ta tsaya a ta farkon da ta dace, saboda haka idan akwai wata tsohuwar doka a sama mai cewa a bar komai ya wuce, waɗannan sun zama ado. Haka nan sai an cire ramin injina daga bridge ɗin da ya haɗa shi da na ofis, in ba haka ba saƙon ba zai ma bi ta kan dokokin ba. A kuma rufe shafin saita rautar daga ɓangaren injina da na POS.

Maganar mai gyara daga nesa ita ce ta fi bukatar tsayawa. Abin da aka saba shi ne ya sa AnyDesk ko TeamViewer a kwamfutar injin ya bar shi a kunne dare da rana, da kalmar sirrin da wataƙila ita yake sa wa duk abokan cinikinsa. A ƙarshen 2013 ta hannun ɗan kwangila aka shiga kantunan Target na Amurka: an sace bayanan shiga na wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya wuri, daga nan aka ratsa har zuwa na'urorin karɓar kuɗi, aka kwashe bayanan kati kusan miliyan 40. Abin da nake ba da shawara shi ne a yi wa injina zaure. Ka ware kwamfuta ɗaya mai sabon Windows da riga-kafi, ka ba ta gidanta dabam a rauta, a nan baƙo zai tsaya, kuma ita kaɗai za a rubuta wa dokar isa ga injin, a sa dokar sama da na hani. A kunna ta idan an kira mai gyara, wani naku yana kallon allo, a kashe idan ya gama. Ba a karanta imel a kanta, ba a kallon ƙwallo.

POS ɗinku kuwa, idan irin na hannu ne masu layin waya a ciki, ai a rabe suke tun asali, ka bar su a kan layinsu. Idan sabis ba ya kamawa sai da Wayifai, a buɗe masu suna na dabam a gida na uku, mai fita intanet kawai, a hana shi ganin ofis, kuma kada a ba ma'aikata kalmar sirrinsa.

Yanzu gwaji. Daga kwamfutar ofis, ka buɗe PowerShell ka buga wannan kafin a sa dokoki, ka sake bugawa bayan an sa:

```
Test-NetConnection 192.168.1.5 -Port 445
```

Idan da farko ya nuna `TcpTestSucceeded : True`, daga baya ya koma `False`, kuma ƙidayar dokar hani ta ƙaru a shafin Firewall, to katangar na aiki. `False` tun kafin a sa doka ba ya tabbatar da komai, sai ka zaɓi wata ƙofar da `netstat` ya nuna a buɗe. Kada ka bari wani ya saki manhajar lalube ƙofofi irin nmap a kan PLC ana cikin casa, domin tsofaffinsu kan daskare idan saƙo ya yi masu yawa. Aikin gaba ɗaya ma a yi shi ranar da injina ke hutu.

A makon farko wani abu zai daina aiki, kuma log ɗin rauta, wato rajistar saƙonnin da ta hana wucewa, zai nuna maka ko mene ne. Wanda aka fi mantawa shi ne agogo: kwamfutar da aka yanke wa intanet ba ta samun daidaita lokaci, a hankali sa'ar da ke kan takardar awo ta saɓa da ta ofis. Maganinsa a sa rautar ta riƙa ba injina lokaci ta ƙofar UDP 123. Wata manhajar kuma takan nemi tabbatar da lasisinta a intanet, sai a buɗe mata adireshin nan ɗaya. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ce a ɗage dokar hani na ɗan lokaci, don ba a cika mayar da ita ba.

Akwai hanyoyin da dokar rauta ba ta gani, sai ka zagaya da ƙafarka. Kwamfutar sikeli mai kebul a layin injina wadda kuma aka jona da Wayifai na ofis ta zama gada, kuma `ipconfig` zai tona ta idan ka ga adireshi biyu. Haka ma yaron da ke cajin wayarsa a jikinta ko ya kunna mata intanet daga wayar, da ƙaramin modem mai layin waya da wasu masu kafa inji ke ɓoyewa cikin akwatin wuta don su riƙa leƙowa. Falash kuma rabon layi ba ya hana shi komai. A ware guda ɗaya na injina, a riƙa duba shi a kwamfutar zaure kafin a soka, a toshe sauran ramukan USB. Sannan tun yau a kwafi dukan faifan kwamfutocin nan biyu a ajiye a wurin da ba ya jone da layi, tare da shirin da ke cikin PLC ɗin, wanda sai ka nema daga wanda ya kafa injin, domin ba kasafai suke bayarwa ba sai an tambaya.