Harafin P a takardar wuyan kwat: shin da fetur ake wanke ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanin maigidana ya yo masa tsarabar kwat daga Istanbul, an sa ta sau uku an je biki, yanzu wuyan ya fara dauɗa kuma miya ta ɗiga a hannu. Ga hoton 'yar takardar da ke ɗinke a ciki na turo, ban gane yaren ba balle zanen. Mai yi mana wanki ya ce harafin P ɗin nan fetur ake nufi, in sayo lita biyu ya jiƙa ta a bayan gida. Hankalina bai kwanta ba. Kwat ɗin mai tsada ce, ina tsoron a lalata ta. — Wata uwargida daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki sayo fetur ɗin nan, kuma kada ki bar kowa ya shigo miki da shi gida da sunan wanki. Zan dawo kan wannan, domin shi ne abin da ya fi damuna a saƙonki. Bari mu fara karanta takardar.

Rubutun Turkanci ne. Inda aka rubuta "%80 Yün %20 Polyester" ana nufin kashi 80 na yadin ulu ne, kashi 20 kuma zaren roba. Turkawa suna sa alamar kashi a gaban lamba, shi ya sa ya yi miki banbarakwai. Layi na biyu, "Astar %100 Viskon", shafin ciki ke nan, kuma gaba ɗayansa biskos ne, yadin nan mai santsi da ke tsukewa idan ya sha ruwa. Na ƙasa, "Sadece kuru temizleme", ma'anarsa wankin da ba na ruwa ba, wato dirai-kilin, shi kaɗai ya dace da ita. Ko da ba ki samu mai karanta miki ba, ba ki yi asara ba, don zanen guda biyar ɗin ya faɗi duk abin da ake bukata. Alamomin nan wata ƙungiya mai suna GINETEX da aka kafa a Paris a 1963 ce ke kula da su, suna cikin ƙa'idar duniya ta ISO 3758, kuma an yi su ne musamman don kada yare ya zama shamaki. Jerinsu ba ya canzawa: wanki, bilic, busarwa, guga, sannan wankin ƙwararru.

Na farko a hotonki baho ne da aka soke da gicciye. Ba a sa kwat ɗin a ruwa, ko da hannu, ko da ruwan sanyi. Dalilin ba ulun kaɗai ba ne. Gashin ulu yana da 'yan ɓawo ƙanana, idan ya jiƙa aka cuɗa shi sai su sarƙe da juna, yadin ya dunƙule ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa. Bayan haka kwat ba yadi ɗaya ba ce: akwai na waje, akwai shafi, akwai wani mai tauri da ake mannawa a ƙirji da kwala, ga kuma audugar kafaɗa. Kowanne da yadda yake tsukewa. Shi ya sa kwat ɗin da aka tsoma a ruwa za ki ga ƙirjinta ya yi ƙuraje-ƙuraje, shafin ya janye gindin ya tattare, kuma guga ba ta gyara wannan.

Alwatika mai gicciye: babu bilic kowane iri. Haifo yana cinye ulu, ya fara da mayar da shi rawaya, daga nan ya huda. Murabba'i mai da'ira a ciki, shi ma an soke shi, wato ba a sa ta a injin busarwa. Dutsen guga mai ɗigo biyu yana nufin zafi matsakaici, kada ya wuce wajen digiri 150. Ɗigo ɗaya wajen 110 ne, uku kuma 200. Duk lambar da kika gani a irin wannan takarda iyaka ce, yin ƙasa da ita ba laifi. A shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai ɗan danshi a kai kafin a ɗora dutse, in ba haka ba wurin zai yi ƙyalli, musamman da yake akwai zaren roba a ciki. Dutsen gawayi kuwa ba shi da ma'auni, ban yarda a kusantar da shi da wannan kwat ba.

Sai na biyar, da'ira mai harafin P da layi ɗaya a ƙarƙashinta.

Wannan alamar ba da ke take magana ba, kuma ba da mai wanki da guga na unguwa ba. Saƙo ne daga masana'anta zuwa ga mai injin dirai-kilin, tana gaya masa irin sinadarin da yadin zai jure. P ɗin farkon sunan wani sinadari ne, fakuloro-etilin, wanda a sana'armu muke ce wa "pak". Ruwa ne mai nauyi wanda ba ya kama wuta, kuma dalilin da ya sa masu sana'ar suka koma gare shi tun tuni ke nan, bayan gobara ta sha cinye shagunan da ke amfani da mai. Layin da ke ƙasa yana cewa a yi a hankali: a rage juyawa, a rage danshi, a rage zafin busarwa. Wani lokaci za ki ga F a maimakon P, to nan ma sai a ce ai ga shi nan ƙarara, fetur. Ba haka ba ne. F na nufin wani tataccen sinadari da aka yi don wannan aiki, wanda sai ya yi zafi tsakanin digiri 38 zuwa 70 kafin tururinsa ya iya kamawa, kuma a rufaffen inji ake amfani da shi. Fetur ɗin gidan mai tururinsa yana kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. A zafin Kano na watan Afrilu, da an buɗe jarka ya fara tashi.

Wallahi wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai wani ya shigo shago ya faɗa mini ita da ƙarfin gwiwa, wai ya ji daga wani tsohon mai wanki, ko ya gani a waya. Wasu har da dabara: a haɗa da kananzir, ko a ɗiga turare don kashe wari. Abin da ba su sani ba, ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ba a ganinsa, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa ya nufi duk inda wuta take. Ki duba gidanki yanzu: risho ko gas a kicin, kurfoti a tsakar gida, kaskon turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, janareto. Ko makunnin lantarki da ya yi tartsatsi lokacin da aka kawo wuta ya isa. Bayan gida da aka ce a yi aikin a ciki shi ya fi ko'ina muni, ɗaki ne ƙarami da ba iska, tururin zai taru, mutum ya shaƙa ya yi jiri kafin ma a yi maganar wuta. Da hunturu kuma ga ƙarin haɗari: iska ta bushe, cuɗa ulu da zaren roba yana haifar da 'yar walƙiyar nan da ke tsattsage hannu idan an cire rigar sanyi, kuma ita kaɗai tana iya tayar da wuta a kan baho. Wanda ke tsugune a gaban bahon, hannuwansa jiƙe da fetur, ba shi da lokacin gudu. Sannan ga haɗarin kwat ɗin da aka gama wankewa, a shanya, a sauke, a ɗora mata dutsen gawayi alhali audugar kafaɗa tana riƙe da sauran mai a ciki.

Masu kare abin suna cewa ai yana fitar da maiƙo. Gaskiya ne yana narkar da shi, ban musa ba. Amma fetur na mota ba tsarkakakke ba ne, yana ɗauke da rini da wasu sinadarai da ke barin zobe a yadi, yana iya sassauta gam ɗin ƙirji, warinsa ya kama shafi na makonni. Akwai kuma benzin a cikinsa, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini, yana shiga ta numfashi da fata. Shi mai wankin naki ba mugunta ya yi niyya ba, gado ya yi na maganar banza. Ki gaya masa abin da na faɗa, don gobe wani gidan zai je ya faɗi haka.

To ina za ki kai ta? Nan ma sai kin buɗe ido, domin shaguna da yawa sun rataye allon dirai-kilin, amma in kin leƙa baya baho ne da omo da sitati. Ki nuna musu da'irar ki tambaya me take nufi. Wanda ya sani zai ambaci sunan sinadarin nan take. Ki ce a nuna miki injin; babba ne mai tankuna a ƙasa, yana wankewa yana busarwa a rufe, ba irin na gida ba. Ki nuna musu layin ƙarƙashi, ki nuna tabon ki ce miya ce, saboda tabon miya rabi mai ne rabi ruwa da tumatir, sinadarin zai ɗauke man amma sauran sai an bi shi da hannu kafin a sa a inji. Idan kwat ta dawo tana ƙamshin omo, ko ta yi tauri, ko ƙirjin ya kumbura, ruwa aka sa ta. In akwai wandonta, a kai su tare, don kada launinsu ya bambanta.

Kafin nan, ki rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa a inuwa ta sha iska, ki bi ta da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa. Wurin miyar ki barbaɗa farar hoda ta kwana, da safe ki kaɗe, za ta tsotse wani abu daga man. Kada ki goge da ruwa da sabulu, kada kuma a yi guga a kan tabon, zafi yana dafa shi cikin zare. Kada ta wuce mako ɗaya ko biyu ba a kai ta ba, don tsohon tabo ya fi wuyar fita. Idan kuma kafin amsar nan ta iso an riga an taɓa ta da fetur, a fitar da ita fili nesa da kowace wuta, ba guga, ba injin wanki, ta kwana biyu ko uku tana shan iska, sannan ki faɗa wa masu shagon gaskiyar abin da aka sa mata kafin su karɓa.