Littafi yana nuna riba, amma kuɗin saro kaya ba ya cika

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da taliya da sauran kayan masarufi a kan sari a kasuwar Singa, Kano. Ciniki alhamdulillahi, kuma duk ƙarshen wata idan na yi lissafi ina ganin riba. Amma idan lokacin saro sabon kaya ya yi sai in ga kuɗin hannuna bai kai ba, har na fara zargin yaran shagona. Ina ribar take tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da zargin yaran tukuna, domin wannan yana faruwa har a shagon da ba a taɓa ɗaukar ko sisi ba. Riba ana rubuta ta ne a ranar da kaya ya fita daga shago, ko an biya ko ba a biya ba. Kuɗin hannu kuwa ba ya ƙaruwa sai ranar da aka miƙo maka shi ko ya faɗa asusunka. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akan sami makonni, kuma a cikinsu dila yana son kuɗinsa, mai shago yana son haya, yara suna son sallama.

Mu ɗauki wata guda da taliya kaɗai. A ce ka shiga watan da naira 6,000,000. Ka saro katan 500 a kan 10,000 kowanne, ka biya lakadan, 5,000,000 ke nan. Ka sayar da katan 400 a kan 11,500, ciniki ya kama 4,600,000. Katan 400 ɗin nan a 4,000,000 ka saye su, saura 600,000. Ka cire 150,000 na yara da dako da wuta, ka cire 50,000 na hayar wannan watan. Ribarka 400,000, kuma lissafin daidai yake, babu kuskure a cikinsa.

Yanzu mu bi kuɗin da kansa. Cikin katan 400, guda 260 ne aka biya nan take, wato 2,990,000. Sauran 140 masu ƙananan shaguna ne suka ɗauka, sai sun sayar su kawo. A ɓangaren fita, ka biya 5,000,000 na kaya, da 150,000 na hidima, sannan a watan ne hayar shekara ta faɗo, ka ba da 600,000 gaba ɗaya. Abin da ya fita 5,750,000 ne. Saboda haka a watan da ka ci ribar 400,000, kuɗin hannunka ya sauko daga 6,000,000 zuwa 3,240,000.

Ba abin da ya ɓace. Akwai 1,610,000 a hannun waɗanda ka ba bashi. Akwai katan 100 a sito, na 1,000,000. Akwai 550,000 na hayar watanni 11 masu zuwa a wurin mai shago. Ka haɗa waɗannan uku da 3,240,000 da ke hannunka, za ka sami 6,400,000, wato jarinka da ribarka cif. Matsalar ita ce dila ba zai karɓi littafin bashinka ya ba ka kaya ba. Kana buƙatar 4,000,000 don mayar da katan 400 da suka fita, kuma ba ka da su.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari, kuma ƴan kasuwa kaɗan ne suke lura da shi, shi ne haɓakar ciniki tana ƙara tsananta shi. Ka ƙirga kwanakin da katan ɗaya yake yi kafin ya dawo kuɗi. Idan yana kwana 20 a sito, wanda ya ɗauka bashi kuma ya yi kwana 30 kafin ya biya, to naira 10,000 ɗinka ta yi kwana 50 a waje don ta kawo maka 1,500. Idan sababbin kwastomomi suka zo cinikin bashi ya ninka, kuɗin da ke maƙale a waje shi ma zai fara hawa tun daga makon farko har ya ninka, alhali ribar tana shigowa ne kaɗan-kaɗan daga baya. Shi ya sa za ka ga shago cike da mutane, motoci suna ta lodi, amma mai shi yana neman rancen da zai sallami dila. Irin haka ya fi yawa gab da azumi, lokacin da kowa yake tara kaya.

Tashin farashi yana ƙara wani rami. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi ta hawa, har hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Idan katan da ka saya 10,000 ya koma 11,000 kafin masu bashi su biya ka, to 1,500 da ka rubuta riba, 1,000 daga ciki za ta tafi wajen mayar da katan ɗin gurbinsa. Ga kuma cefane da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki da ake zara daga aljihun shago. Waɗannan ba sa shiga lissafin riba, amma daga kuɗin saro kaya suke fita. Ka yanka wa kanka albashi tsayayye, ka rubuta shi.

Yadda za ka gane ko kuɗin maƙalewa ya yi ko kuwa da gaske ana asara, ka yi irin ƙidayar da ake yi lokacin fitar da zakka. Ka rufe shago, ka ƙirga kaya katan-katan a kan farashin saye, ka haɗa da kuɗin hannu da na banki da bashin da kake da yaƙinin za a biya da hayar watanni masu zuwa da ka riga ka biya, ka cire abin da ake bin ka. Bayan wata guda ka sake. Idan jimillar ta ƙaru daidai da ribar littafi bayan ka cire abin da ka ɗauka don gida, dukiyarka tana nan. Idan ta gaza, sai a duba inda giɓin yake, kuma ƙirgar katan ce za ta nuna ko kaya ne suke fita ba a rubuta ba. Wajen bashi ka gaya wa kanka gaskiya: ka ware na ƙasa da kwana 30, da na 30 zuwa 60, da wanda ya haura haka. Wanda ya wuce kwana 90 kuma mai shi ya daina ɗaga waya, kada ka ƙirga shi a matsayin kuɗi.

Daga nan ka ja layi a takarda, makonni takwas masu zuwa. A kowane mako ka rubuta kuɗin da za ka fara da shi, da wanda kake da tabbacin zai shigo, da wanda dole ya fita. A misalinmu, takardar za ta nuna maka giɓin 760,000 tun kafin ranar saro kaya ta zo, ka sami lokacin da za ka bi masu katan 140 ɗin nan, ko ka saro 300 maimakon 400 tunda akwai 100 a sito, ko ka nemi dila ya ɗaga maka ƙafa na mako biyu. Ka sa wa kowane kwastoma iyaka, kuma kada ya ɗauki sabo sai ya biya tsoho. Kayan da suka daɗe ba sa tafiya ka karya farashi ka fitar da su, domin katan da ya koma kuɗi yau zai iya juyawa sau biyu kafin wancan ya motsa.

Rance kuwa yana da amfani idan takardar ta nuna takamaiman makon da kuɗi zai shigo ya rufe shi. Idan giɓin yana dawowa kowane wata, rance zai ƙara maka wani abin biya ne a kan kari, sai dai ka rage kwanakin nan 50.