Masara buhu 33 a kar 6, amma Excel na cewa asara

Tambaya: Salam malam, daga Ngong nake wajen Garwa. Na noma masara kar 6 na samu buhu 33, buhu sefa 18,000, kashewa kuma na rubuta 180,000 a hekta. Teburin Excel da ƙanena ya yi min a waya yana nuna kilo 550 a hekta wai kuma na yi asarar 81,000. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka ba ka yi asara ba. Gidan da ke neman hekta ne ka zuba masa kar, shi kuma Excel bai san kar ba, lamba kawai yake gani. Kar ɗaya mita 50 ne tsawo 50 faɗi, wato murabba'in mita 2,500, hekta kuwa 10,000, kenan sai kar huɗu ake samun hekta ɗaya, gonarka hekta ɗaya da rabi ce.

To duba abin da ya faru. In buhunka kilo 100 ne ka samu kilo 3,300, ya raba da 6 ya ba ka 550. Kuɗin masarar 594,000 shi ma ya raba da 6 ya samu 99,000, sannan ya cire masa 180,000 na hekta guda cur, ka ga kuɗin kar ɗaya aka sa ya biya ɗawainiyar kar huɗu, dole asara ta fito.

Gyaran ba wuya. Bar kar a A2, buhu a C2, nauyin buhu a D2, sai ka sa lissafin farko na ƙasan nan a B2, na biyu a E2:

```
=A2/4
=C2*D2/B2
```

Za ka ga 2200 a E2, wato kilo a hekta. Duk wani rabawa a teburin ya koma kan B2. Kuɗin shiga a hekta zai zama 396,000, a cire 180,000, riba 216,000 a hekta.

Ni kullum sai na gwada ta wata hanya kafin in yarda da tebur: ɗawainiyar gona duka 270,000, a cire daga 594,000 saura 324,000, kuma 216,000 sau ɗaya da rabi shi ma 324,000. In biyun suka saɓa to akwai gidan da har yanzu yake kallon kar. Amma ka tabbata 180,000 ɗin na hekta ne da gaske, don in jimillar abin da ka kashe ne a gonar duka lissafin ya canja.

Wani abu da ke yawan kama mutanenmu a nan, in Excel ɗinka na Faransanci ne 1,5 ake rubutawa da waƙafi, in ka sa 1.5 ko ka rubuta "6 kar" cikin gidan sai ya ɗauke shi rubutu, za ka gan shi ya manne hagu maimakon dama, lissafin ya fito da #VALEUR!. Kuma don Allah ɗora buhu uku ko huɗu a sikeli ka sa ainihin nauyin a D2, in kilo 90 ne amfanin ya sauko 1,980 a hekta.