Shagon marigayi da maganar wata uku

"Baffa barka da war haka. Yau kwana 50 da rasuwar Yaya, mai shagon da yake haya a Yelwa ya aiko wai mu kwashe kaya ƙarshen wata, wai shi da marigayi yayi magana ba da mu ba. Takardar shekara 2 ce, sefa 30,000 duk wata, Yaya ya biya shekara ɗaya gaba, a ƙarshen wata na 7 ya rasu. Gidan da Anti take takaba shima haya ne. A al'ada da shari'a dole mu fita? Ni ne nake zama a shagon yanzu."

Ɗana, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya baku haƙuri. Toh kada ku taɓa ko kwali ɗaya tukuna. Mai shago bai da gaskiya, amma akwai inda zai iya cin ku ba tare da ya ɗaga murya ba, shi yasa na zauna na rubuto maka da tsawo.

Mu nan mazhabar Malikiyya muke bi, kuma a Risala ƙarara aka faɗa cewa haya bata warwarewa dan wanda yake zaune a ciki ya mutu. Abin da yake warware ta shine ginin ya rushe, ko wanda aka ɗauka aiki da jikinsa ya mutu, kamar magini ko makiyayi, tunda ba a gadon hannun mutum. Amma zaman shago na wata 24 abu ne da yayanka ya saya kamar yadda ya sayi buhun shinkafa, ya shiga dukiyarsa, ya zama na magada. Hanafawa ne suke cewa mutuwa tana yanke haya, wataƙila can mai shagon ya tsinto maganar, ko kuma dai ya samu wanda zai bashi 45,000, wanda ni na fi zaton haka. Dokar gwamnati ma bakinsu ɗaya da malamai a nan, tsohuwar dokar zamanin Faransa da ake aiki da ita a ɓangarenmu na Kamaru, aya ta 1742, tace mutuwar mai gida ko ta ɗan haya bata kashe yarjejeniya.

Yi lissafi kagani. Ya biya 360,000, ya ci wata 7 wato 210,000, saura wata 5 na 150,000 da suke hannun mai shago, wannan haƙƙin magada ne. Amma fa ku sani gado baya zuwa da daɗinsa kaɗai, shekara ta biyu da ba a biya ba, 360,000 ɗin nan, nauyi ne a kan dukiyar mamaci tunda wa'adi aka yanka aka sa hannu, ba irin hayar wata-wata bace da kowa zai iya cewa na fasa. Idan kun ga baza ku iya riƙe shagon ba sai a zauna dashi a yi sulhu ya yafe sauran, ya maido abin da ba a ci ba, amma wannan zaɓin magada ne ba umarninsa ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Shago ba kamar gidan kwana bane, hayar wurin kasuwanci tana ƙarƙashin dokar Ohada, dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Chadi duk suke ciki, aka sabunta ta a 2010. Aya ta 111 tace eh hayar bata mutu ba, amma sai mata ko miji, ko iyaye, ko 'ya'yan mamaci sun nemi ci gaba da ita daga wurin mai shago cikin wata 3 daga ranar rasuwa, ta hanyar da za a iya nuna cewa saƙon ya shiga hannunsa. In wata 3 ya cika babu wanda ya nema, hayar ta faɗi da kanta, ba sai an je kotu ba. Mu kuma al'adarmu me muke yi, sai ayi sadakar uku, ayi ta bakwai, ayi arba'in, sannan ace ai ba a maganar dukiya sai mata ta fita takaba, wata 4 da kwana 10, kaga kafin ta fita wa'adin ya wuce da wata guda da ɗoriya. Na ga an rasa shagon tela a nan Garwa ta wannan hanyar, mai ginin ma har gaisuwa yazo ya zauna a tabarma yayi addu'a, baice komai ba, sai da kwanaki suka cika ya aiko da takarda. Ku kun ci kwana 50, saura kusan 40.

Abu na biyu bazai maka daɗi ba amma gara kaji daga bakina. Sunan ƙane baya cikin waɗanda dokar ta lissafa. Ko kai kake buɗe shagon tun asuba, in kai ka rubuta da sunanka mai shago zai iya cewa bai sanka ba. A rabon gado ma haka ne, tunda marigayi ya bar ɗa namiji kai baka da kaso, matarsa tana da tumuni, Hajiya mahaifiyarku sudusi, saura na yara. Dan haka takardar ta fita da sunan matarsa, ita da kuma a madadin yaran. In aurensu na masallaci ne kawai babu takardar magajin gari, a haɗa da takardun haihuwar yara, Hajiya ma ta sa hannu a takarda ɗaya, kada a bar masa ƙofar musu. Nace takarda ɗaya, saboda in kowa ya aika tasa daban mai shago yana da damar kai ku gaban alƙali ya zaɓi wanda zai gaji hayar, kuma daga nan ake fara gaba tsakanin suruka da uwar miji.

Takaba bata hana mace sa hannu a takarda, a kai mata har ɗaki. Ka samo takardar shaidar mutuwa, ka yi hoton yarjejeniyar da rasit ɗin 360,000, ka kai wa wisiye, ma'aikacin nan mai kai sammaci, shi ya kai wa mai shago. Zai ci 'yan kuɗi amma shaidarsa ba a musunta. Kuje da mai unguwa ku gaishe shi da ladabi, wannan yana da kyau, sai dai "na ji, ba komai" na baki baya tsayawa a kotu. Kai kuma a rubuta tsakaninku cewa kana riƙe shagon ne amana, a ƙirga kaya gaban shaidu biyu, a yanka maka ladanka, dan nan da shekara 10 yaran nan zasu girma su tambaya.

Maganar gida da sauƙi. A Malikiyya mai takaba tana da haƙƙin zama in gidan na mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa, har magada basu isa su tashe ta ba balle mai gida. Ka duba rasit na ƙarshe, in kuɗin bai kai ƙarshen takaba ba mu dangi mu cike, ni zan bada nawa.

Da ace abin juyewa yayi mai shagon ne ya rasu, hukuncin ɗaya ne, 'ya'yansa su gaji ginin da hayar a kansa, basu ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi dan kawai uba ya mutu, basu sake karɓar abin da ya riga ya karɓa. Ka riƙe wannan dan mutumin ya manyanta kuma 'ya'yansa da yawa, in hakan ta faru kada ka miƙa kuɗi ga duk wanda ya fara zuwa, sai wanda magada suka wakilta a rubuce, kuma da rasit.

Turo min hoton yarjejeniyar gaba da baya yau ɗin nan, ina son ganin ranar da aka sa hannu da sunayen shaidu. Ka gaida Hajiya.